Ra'ayinmu: Ina Malami Zai Ajiye Kuɗin da Zai Nema Baɗi?

Malamanmu na yankin Sheme kan tambaya: kuɗin adashi ko giratuti da za a buƙata kafin shekara 2, takardun lamunin gwamnati na gajeren zango suka fi dacewa da shi, ko ajiyar banki mai wa'adi?

Mun fi karkata ga takardun, waɗanda Babban Bankin Najeriya ke gwanjonsu na kwana 91, 182 da 364. Ribarsu tun farko ake cire ta. A ce an yanka kashi 15: takardar N500,000 ta shekara za a saye ta wajen N425,000, ribar kusan N75,000 ke nan, alhali ajiyar banki a kan wannan kaso N63,750 za ta ba N425,000 ɗin.

Sai dai a daidaita wa'adin da ranar buƙata. Wanda ya sayar da takardarsa kafin ta nuna yana iya faɗuwa. Wanda ya fasa ajiya kuwa, banki zai zaftare masa riba. Sabuntawa a shekara ta biyu ma ba ta da tabbas, domin a ƙarshen 2020 ribar takardun ta faɗi ƙasa da kashi 1.

Duka biyun kuɗin ruwa ne. Mai gudun haka ya bincika ajiyar mudaraba a bankin Jaiz.