Kafin ka ɗaga mai rauni, tsare hanya

Wani dare muna tahowa daga Maradi za mu Tasawa, mun wuce Agye kaɗan, sai muka tarar da mutane a tsakiyar gudron. Wata ƙaramar mota ta buge mai moto. Kafin mu sauka, samari huɗu sun riga sun ciccibi mutumin, biyu a hannu biyu a ƙafa, kansa yana reto. Wani yana zuba mashi ruwan leda a baki, wasu kuma sun ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo. Babu ko mutum ɗaya da ya tafi tsaida motoci. Sai ga kamyo ya taho da gudu, ya ci birki har taya ta yi hayaƙi. Da Allah bai kiyaye ba, da gawawwaki za a ƙirga a daren nan.

Duk waɗanda suka taru a wurin niyyarsu alheri ce. Abin da ya ɓace masu shi ne tsari. Ni a ganina aikin wanda ya fara isowa wurin haɗari uku ne, kuma a jere suke: a tsare wurin, a kira agaji, sannan a taɓa mai rauni. Mu kuwa kullum daga na ukun muke farawa.

Tsare wurin shi ne farko domin haɗari na biyu ya kan fi na farko muni. Motar da ke tafiya kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma kafin direba ya gani, ya taka birki, ta tsaya, ta kan shafe mita 70 ko fiye. Kamyo mai kaya ya fi haka nisa. Saboda haka ganyen da muke karyowa mu aza taku goma daga wurin ba ya tsaida kowa. Ka ajiye motarka a gefe, ka kunna fitilun haɗari. Ka tura mutum ɗaya gaba, ɗaya baya, kowa ya yi taku kamar 150 zuwa 200 a gefen hanya, ya aza turiyangil ko ganye, ya tsaya a bakin gudron yana kaɗa fitilar waya. In akwai kwana ko tudu, alamar ta kasance kafin kwanar. Sannan a kashe kontak na motar da ta yi haɗari, a ja birkin hannu, a hana kowa kunna taba. In kun ji warin isans, a janye jama'a nesa. Ba mu manta da sitarnen da ta kife kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda wuta ta kashe sama da mutum 50, da yawansu masu kwasar mai.

Na biyu shi ne kira. Lambar ƴan kwana-kwana 18, ta ƴan sanda 17, ta SAMU kuma 15. Kada ka ce wa taro "a kira pompiye", don kowa zai ɗauka wani ya kira. Ka nuna mutum ɗaya: "Kai mai jar riga, kira 18, ka dawo ka gaya mani." Mai kiran ya fara da wuri: hanyar Maradi zuwa Zinder, an wuce Agye ta wajen Gazawa, ga lambar da ke kan dutsen kilomita. Sai abin da ya faru, mutum nawa suka ji rauni, nawa ne ba sa magana, ko akwai wanda ya maƙale, ko akwai wuta ko mai da ke zuba. Kada ya kashe waya sai an sallame shi. In babu rezo, a tura mai moto wurin jandarmomi ko gidan likita mafi kusa.

Sai na uku. Wanda ke kururuwa yana numfashi, don haka ka fara da wanda ya yi shiru. Ka durƙusa, ka kira shi, ka taɓa kafaɗarsa. In bai amsa ba, ka dubi ƙirjinsa, ka kai kunne bakinsa na daƙiƙa 10. In ba ya numfashi, ko kuwa yana ta shaƙuwa jifa-jifa, ka aza hannu biyu a tsakiyar ƙirji ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kuna karɓar juna har agaji ya iso. In yana numfashi amma ya suma, haɗarinsa shi ne harshe ko amai su toshe maƙogwaro. In ya fara amai ko munshari, a juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, mutum ɗaya riƙe da kai daidai da jiki.

Jinin da ke tsartuwa ko ya jiƙe riga cikin ɗan lokaci yana iya kashe mutum a mintoci kaɗan, don haka ba ya jira. Ka ninka mayafi ko rawani, ka sa hannunka cikin leda, ka danna kan raunin da ƙarfi, minti 10 ba leƙawa. In ya jiƙe, ƙara wani tsumma a kai. Ban da ƙasa, ban da toka, ban da man birki. In a hannu ko ƙafa ne kuma dannawa ta kasa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kuma kada a kwance sai a likita.

Abubuwa uku ne muke yi don tausayi suna cutarwa. Ruwa yana iya sarƙe wanda hankalinsa ya gushe, kuma yana dagula aikin tiyata. Cire kasko yana murɗa wuya, don haka a buɗe gilashin kawai, sai dai in numfashi ya tsaya ko ya toshe. Ciccibar mutum kuwa tana iya mayar da tsagewar ƙashin wuya ta zama shanyewar jiki ta har abada. In ya ce wuyansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, a riƙe kansa yadda yake, a lulluɓe shi, a yi ta yi mashi magana. Ba a jan shi sai in wuta ko motoci za su same shi.

Na san abin da za ku ce: a daji ambilans ta kan yi awa ba ta zo ba. Gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da matsa wa hukuma a kan haka. Amma ko da mu za mu kai shi da kanmu, akwai yadda ake yi. A tsaida jini tukuna. A nemo katako ko ƙyauren ƙofa, mutum huɗu su ɗaga tare, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni. A kwantar da shi a miƙe a bayan mota mai buɗaɗɗen baya. Dunƙule shi a kujerar taksi ko ɗora shi tsakanin mutum biyu a moto ya fi jiran minti goma na neman katako haɗari.

A daren nan wani dattijo direba ne ya daka tsawa aka ajiye mutumin, ya tura mu biyu da fitila gaba da baya. Ban san yadda mai moton ya ƙare ba, kuma har yau ina tuna yadda kansa ke reto.

Yau ɗin nan ka ajiye 18, 17 da 15 a wayarka. In kana da mota, duba ko turiyangil na ciki. Ƴan fada da ƴan kabu-kabu, ku haɗu ku nemi Kuruwa Ruj ta garinku ta koya maku danna ƙirji da ɗaure jini da hannunku. Allah ya tsare mu a hanya.