Mu yanka ma kanmu albashi

Ƴan uwa mata, ranar da kasuwa ta yi kyau mukan kashe duka, ranar da ta mutu sai mu taɓa uwar kuɗi. Haka jari ke narkewa.

Mu ɗauki mai ƙuli-ƙuli. Ribarta ta sati huɗu: jika 9, 3, 7, 5, wato jika 24. In an raba, sati guda jika 6 ne. To, ta yanka ma kanta jika 4 duk sati, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Satin jika 9 ta jefa 5 cikin asusu, satin jika 3 ta ciro 1. Ƙarshen wata, saura jika 8 ajiye.

In asusun ya yi ta raguwa wata biyu jere, albashin ya yi yawa. Mu rage shi, kar mu taɓa jari.