Waiwaye: Yadda Wata Malama Ta Mayar da Silaid Takardar Darasin da Makaho Zai Karanta

A yawancin manyan makarantunmu, idan malami ya ce zai ba da handawut, abin da yake nufi shi ne ya buga silaid ɗin laccarsa shida-shida a shafi, ya miƙa wa shugaban aji ya kai shagon fotokwafi. Mai ido lafiya ya kan lallaba da hakan, domin ya ga abin da aka haska a majigi, ya kuma ga inda malam ya nuna da yatsa. Shi kuwa ɗalibin da ba ya gani, takarda ce aka ba shi wadda ba ta ce masa komai ba. Tun da hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman a 2017 domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, irin waɗannan ɗalibai suna zaune a azuzuwanmu, kuma yawancin malamai ba a taɓa nuna musu yadda ake shirya musu darasi ba.

Shekarun baya na ga yadda ake wannan aiki a hannun wata malamar labarin ƙasa da muke ofis ɗaya. An rubuta mata wani ɗalibi makaho a kwas ɗin labarin ƙasar Najeriya, yaro mai ƙwazo da ke karatu da kwamfutarsa ta hanyar NVDA, wato manhajar nan ta kyauta da ke karanta wa mutum rubutun da ke kan allo da murya. Bayan laccar farko ya same ta a ofis ya ce, "Malama, ina bin bayaninki sarai, sai dai idan kika ce 'daga nan zuwa nan', ni ban san ina ne nan ba." Wannan magana ita ta nuna mata inda giɓin yake. Silaid rabin lacca ne kawai. Ɗaya rabin yana bakin malami da yatsarsa, kuma shi ne ba ya shiga takarda.

Abin da ta fara yi shi ne ware rubutu daga hoto. PowerPoint yana da hanyar kai silaid cikin Word kai tsaye, wato Create Handouts, amma silaid ɗin sukan sauka ne kamar ƙananan hotuna, ba su zama rubutun da mai karanta allo zai bi layi-layi ba. Saboda haka ta buɗe Outline View, inda rubutu zalla ke fitowa, ta kwafe shi zuwa Word. A nan akwai tarko: duk abin da aka rubuta cikin akwatin da malami ya zana da kansa, wato Text Box, ba ya bayyana a Outline View, haka ma rubutun da ke jikin hoto. Dole ta bi silaid ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da abin da ta kwafo, tana cike abin da ya zube. Daga nan ta mayar da guntayen kalmomin silaid cikakkun jimloli. Inda silaid ya ce "Ƙaura: fari, kasuwa, tsaro", takarda ta bayyana yadda kowanne daga cikin ukun yake tayar da mutane daga garinsu, kamar yadda take faɗa da baki a aji.

Sai kanun darasi. Mai gani yana gane kan magana ne da girman harafi da kaurinsa, amma manhaja ba ta san wannan ba sai an gaya mata. Malamar ta sa wa kowane babban sashe Heading 1, ƙananan sassa kuma Heading 2, daga jerin Styles na Word. Amfanin hakan shi ne ɗalibin, idan ya kunna Browse Mode na NVDA, zai iya danna harafin H yana tsallakawa daga kai zuwa kai har ya isa inda yake nema, maimakon ya saurari shafi goma daga farko duk lokacin da yake bita. Gane ko an yi daidai ba wuya: a buɗe Navigation Pane, idan kanun sun jeru a gefe, an dace, idan wurin wayam yake, ado kawai aka yi wa haruffa.

Inda aikin ya ci tunani shi ne hotuna. A Word, idan aka danna hoto da maɓallin dama aka zaɓi View Alt Text, ko Edit Alt Text a tsofaffin fitowa, akwati na buɗewa inda ake rubuta bayanin da manhaja za ta karanta a madadin hoton. Malamar ta riƙa yi wa kanta tambaya ɗaya a kan kowane hoto: me ya sa na sa wannan a nan? Tambarin makaranta da zanen ado na gefen silaid ba su koyar da komai, don haka ta cire wasu, sauran ta danna musu Mark as decorative domin manhaja ta wuce su ba tare da ɓata wa yaron lokaci ba.

Akwai wani silaid mai zanen sanduna uku na ƙidayar jama'ar Najeriya. Wanda bai san aikin ba zai rubuta "zanen yawan jama'a" ya wuce, alhali wannan bai ƙara wa ɗalibi komai a kan abin da kan silaid ya riga ya faɗa ba. Wani kuma zai zarce, ya yi ta lissafa launin sanduna da kaurin layuka. Abin da ta rubuta a akwatin, idan aka juya shi da Hausa, shi ne: "Zanen sanduna na ƙidayar 1963 da 1991 da 2006. Jama'a sun tashi daga miliyan 55.7 zuwa kimanin miliyan 89, sannan zuwa miliyan 140.4. Cikakkun alƙaluma suna cikin jadawalin da ke ƙasa." Jimla uku, an faɗi irin zanen, an faɗi abin da ya nuna, an nuna inda sauran yake.

A ƙarƙashin hoton kuma, cikin rubutun da kowa zai gani, ta sa abin da take nunawa da yatsa a aji. Sandunan suna tsaye da tazara iri ɗaya, amma shekarun da ke tsakaninsu ba ɗaya ba ne. Daga 1963 zuwa 1991 shekara 28 ce, aka ƙaru da kimanin miliyan 33. Daga 1991 zuwa 2006 shekara 15 ce kacal, aka ƙaru da kimanin miliyan 51. Ta kuma rubuta dalilin dogon giɓin farko, cewa an yi ƙidaya a 1973 amma aka soke sakamakonta. Wannan shi ne darasin silaid ɗin gaba ɗaya, kuma babu mai buga takardu ko ma'aikacin ɗakin kwamfuta da zai iya zaƙulo shi daga kallon zane. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Jadawalin da ta yi alkawari kuwa ta gina shi da Table na Word, layin sama ya zama kan ginshiƙai, ba ta haɗe gidaje biyu wuri ɗaya ba, domin haɗewar tana rikita manhaja ta kasa gaya wa ɗalibi lambar da yake ji ta wace shekara ce.

Taswira ta fi zanen ƙididdiga wuya, domin ido yana ɗaukar ta a lokaci guda, kunne kuwa sai kalma bayan kalma. Dabarar da ta bi a taswirar koguna ita ce fara da babban tsari kafin ƙananan bayanai, da kuma bin hanya ɗaya ba tare da tsalle ba. Ta fara da cewa koguna biyu sun raba ƙasar gida uku. Sannan ta bi Neja daga inda ta shigo ta arewa maso yamma a Jihar Kebbi, ta gangaro da ita ta Kainji da Jebba zuwa Lakwaja. Ta koma gabas ta ɗauko Binuwai daga iyakar Kamaru a Jihar Adamawa, ta biyo da ita ta Yola da Makurdi har ta haɗu da Neja a Lakwaja, daga nan ruwan ya miƙa kudu zuwa Tekun Atalantika. Ko'ina ta yi amfani da gabas da yamma, kudu da arewa, babu "ta wannan gefe". Duk da haka kalmomi suna da iyaka. Siffar ƙasa sai hannu ya taɓa, don haka ta manna zare mai kauri a kan kwali ta bi layin kogunan biyu, yaron ya bi da yatsa yana sauraron bayanin.

Akwai wurin da yawan bayani ke zama illa. A tambayoyin bita ta sa taswira mai ɗigo, aka ce ɗalibi ya faɗi sunan garin. Da ta rubuta "ɗigo a kan Lakwaja", ta ba shi amsa ke nan. Sai ta rubuta "ɗigo a daidai mahaɗar manyan kogunan biyu". Ya samu abin da mai ido ya samu, ba ƙari ba ragi.

Da ta gama, ta danna Check Accessibility a ƙarƙashin Review. Wannan yana nuna hoton da aka manta ba a rubuta masa bayani ba, amma ba ya iya sanin ko bayanin yana da ma'ana. Ainihin gwaji shi ne wanda muka yi tare: ta sa NVDA a kwamfutarta, muka kau da kai daga allo muka saurara. Nan take kunne ya kama abin da ido ya wuce, kamar inda aka rubuta "jan layi ya fi kore" ba a faɗi abin da kowane layi yake wakilta ba. Gyaran wannan ya amfani har masu gani, tunda fotokwafin baƙi da fari ba ya bambanta ja da kore. Ta tura wa ɗalibin fayil ɗin Word ta waya kafin ranar lacca, ba hoton takarda da aka ɗauka da kyamara ba. Idan kuma dole sai PDF, a adana shi ta Save As tare da zaɓin Document structure tags for accessibility, domin wanda aka fitar ta hanyar Print yakan zubar da kanu da bayanan hotuna. Wata ɗaliba mai raunin gani ita ma ta ci moriya, domin daga fayil ɗin nan aka ƙara girman haruffa zuwa 18 aka buga mata nata.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar wa waɗannan ɗalibai haƙƙin ilimi, amma doka ba za ta zauna ta rubuta bayanin taswira ba. Wannan aikin malamin da ya zaɓi hoton ne. Malamai 'yan'uwana, kada mu jira sai makaho ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Duk hoton da za ka sa a silaid, rubuta jimla biyu a kan abin da kake so ɗalibi ya ɗauka daga gare shi tun a ranar da ka sa shi. Idan ka rasa abin rubutawa, cire hoton. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar kowane ɗalibi da aka damƙa mana.