Bugu bisa oda ko na ofset: inda lissafin marubuci ke juyawa

A tsarin bugu bisa oda, ba a buga littafi sai mai saye ya biya. Daga nan injin zamani ke fitar da kwafi ɗaya daga fayil ɗin marubuci, a ɗaure shi, a aika. Farashin da Amazon KDP ya sanya a Amurka a 2023 shi ne dala 1 da kuma santi 1.2 kan kowane shafi baƙi da fari. Littafi mai shafi 200 zai ci dala 3.40, ko kwafi ɗaya aka buga ko dubu.

Shi kuwa ofset, tsadarsa na wajen haɗa farantan bugu da saita inji. A ƙaddara wannan ya ci dala 1,500, kowane kwafi kuma dala 1.50. Kwafi 300 za su tashi dala 6.50 kowanne, kwafi 1,000 kuma dala 3. Sai wajen kwafi 790 farashin biyu ke haɗuwa.

Sai dai idan marubuci ya buga 1,000 ya sayar da 400 kacal, kowane kwafin da ya shiga hannun mai karatu ya ci masa dala 7.50. Sauran 600 jari ne kwance a ɗaki.