Hoton kyamara ya yi duhu? A gyara haske kafin a sayi sabuwa

Kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna da takalma, robobi da gwanjo, kuma yanzu wasu matasan cikinta ba sa jiran mai saye ya tako shago. Ta kiran bidiyo suke nuna kaya, wasu a waya, wasu a laftof. Haka ma ɗaliban unguwar da ke shiga darasi ta Zoom, da masu neman aiki da ake yi wa intabiyu daga nesa. Kukansu kusan iri ɗaya ne: hoton ya yi duhu, ga wani tsaki-tsaki kamar an watsa yashi a fuska. Shawarar da abokai suka fi bayarwa ita ce a nufi Titin Beirut ko Farm Centre a sayo kyamara mai tsada. A mafi yawan lokuta wannan asarar kuɗi ce. Matsalar ta haske ce, kuma ana iya tabbatar da haka ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Daga ina tsakin yake fitowa?

A bayan gilashin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da ke karɓar haske, wanda ake kira sansa. Na laftof ƙarami ne sosai, domin murfin laftof siriri ne, babu wurin da babba zai zauna. Aikinsa tara haske ne kamar yadda kwano ke tara ruwan sama: ƙaramin kwano cikin yayyafi ba zai tara abin kirki ba.

Bidiyo kuma ba ya jira. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto yana da kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa ne kawai ya tara haskensa. Idan hasken bai isa ba, zaɓi biyu ne ya rage mata. Na farko ta ƙara wa ɗan abin da ta tara ƙarfi, abin da ke fitowa da sunan Gain a saitin wasu manhajoji. Wannan daidai yake da ƙure muryar rediyo a tashar da ba ta kama sosai ba: magana za ta ƙaru, amma shuuu ɗin ma zai ƙaru. Wannan shuuu ɗin shi ne tsakin da ake gani a hoto. Zaɓi na biyu ta rage gudu, ta koma hoto 15 a daƙiƙa, sai a ga hannu yana jan inuwa idan an motsa shi.

Ke nan tsaki ba alamar lalacewa ba ne. Kyamara ce ke nuna cewa tana jin yunwar haske.

Lissafin shago ɗaya

A ɗauki misalin wani matashi mai sayar da takalma a cikin kasuwar. Shagonsa dogo ne, ƙofa ɗaya, babu taga. Teburinsa yana can ciki, ya juya wa ƙofa baya, laftof na kallon ƙofar. A saman rufi akwai ƙwan LED mai wat 9, wanda yakan ba da haske wajen lumen 800, kuma tsakanin ƙwan da fuskarsa mita 2 ne.

Hasken da ke sauka a kan abu da luks ake auna shi. A wannan nisan, abin da ke isa wurin zamansa bai wuce luks 30 da ɗoriya ba, alhali ofis mai haske sosai yana da luks 300 zuwa 500. Ƙari a kan haka, daga sama hasken ke zuwa, don haka goshi da hula ne ke sha, idanu da ƙarƙashin haɓa suna cikin inuwa.

Matsala ta biyu ita ce ƙofar da ke bayansa. Hasken rana a waje, ko a inuwa ne, yana kai dubban luks. Kyamara tana duba hoton gaba ɗaya ne ta yanke yawan hasken da za ta karɓa. Da ta ga farar ƙofa sai ta rage, fuskarsa da takalmin da ya ɗaga su koma baƙi ƙirin. Ko kyamarar miliyan aka ɗora a wannan wurin, da wannan ƙofar za ta yi ta kokawa.

Gyaran mataki biyu ne. Na farko ya juya teburin, ƙofa ta koma gabansa ko ta ɗan gefe, laftof ya juya mata baya. Da rana wannan kaɗai ya wadatar. Na biyu na yamma ne: ya sauko da ƙwan nan da 'yar waya, ya ajiye shi bayan laftof, sama da ido kaɗan, santimita 70 daga fuskarsa.

A nan ne lissafi ke shigowa. Idan aka rage nisan fitila zuwa rabi, hasken da ke isowa ninki huɗu yake yi, ba ninki biyu ba. Daga mita 2 zuwa santimita 70, nisan ya ragu kusan sau uku, don haka hasken ya ninka kusan sau takwas: daga luks 30 zuwa wajen 250. Ƙwan bai canza ba, kuɗin wuta bai ƙaru ba. Tsaki kuwa yana raguwa sannu a hankali: haske ninki huɗu yana sa hoto ya tsabtata ninki biyu, ninki takwas kuma kusan ninki uku.

Yanzu a kwatanta da sayen kyamara. A jikin kwalin wasu ana rubuta faɗin ƙofar gilashinsu, kamar f/2.8 ko f/2.0. Wanda ya bar mai f/2.8 ya koma mai f/2.0, idan girman sansa ɗaya ne, hasken da zai samu ninki biyu ne kacal. Matso da ƙwan fitila ya ba shi takwas. Shi ya sa haske ya riga kyamara a layi.

Ƙwai tsirara a kusa yana kashe ido, yana kuma sa goshi ƙyalli. Maganin shi ne a haska shi a jikin farin bango ko farin kwali ya dawo fuska, ko a rataye farin ƙyalle mai shara-shara a gabansa, ba a jikinsa ba, saboda zafi. Za a rasa wani ɓangare na hasken, amma wanda ya rage zai fi laushi.

Launi da rawar haske

Ga ɗan kasuwa, launi ma kuɗi ne. Idan takalmi ruwan ƙasa ya fito ja a bidiyo, kaya za su dawo, kuma amana ta taɓu. Ƙwan da aka rubuta wa 6500K fari ne irin na rana, mai 2700K kuma ruwan ɗorawa ne. Kyamara tana iya daidaita kanta da ɗaya daga ciki, amma idan an haɗa su biyu a shago ɗaya sai ta ruɗe, gefe guda ya yi shuɗi, ɗayan ya yi ja. Wanda ke haɗawa da hasken ƙofa, fari ya kamata ya saya.

Akwai kuma layukan duhu da ke gangarowa a hoto idan an kunna wasu ƙwayaye. Wutar Najeriya da ta Nijar 50 Hz ce, ta Amurka kuma 60 Hz, kuma laftof ɗin tokumbo na iya zuwa da saitin can. A nemi Flicker reduction, ko Anti-flicker, ko PowerLine Frequency a saitin kyamara, a mayar da shi 50 Hz. Idan janareto ne ke ba da wuta, gudunsa yakan yi sama da ƙasa, layukan su dawo. Fitilar caji ta fi kwanciyar hankali a nan, domin daga batir take sha. Wannan ne kuma amsar mai cewa ina amfanin maganar haske a inda wuta ke ɗaukewa: fitilar caji ɗaya a kusa da fuska ta fi ƙwai uku a rufi.

Gwajin minti biyar kafin a taɓa aljihu

Ba kowane mummunan hoto ne na haske ba, don haka a rarrabe. Da farko a goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna sa hoto ya yi hazo, fitilu su yi kamar an shafa musu mai.

Sannan a buɗe manhajar Camera ta Windows, wadda ba ta buƙatar intanet, a ɗauki laftof a fuskanci ƙofa da rana. Idan tsakin ya ɓace, an gama shari'a: kyamarar lafiya lau take. Idan hoton ya yi kyau a nan amma wanda ake kira yana ganin dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu, musamman idan an motsa, to netwok ne. Manhajar kira tana matse bidiyo ne daidai ƙarfin data, kuma babu kyamarar da ke maganin wannan. Abin lura shi ne tsaki da kansa yana cin data, domin manhajar na ɗaukarsa a matsayin motsi, don haka hoto mai haske ya fi jure raunin netwok.

Maɓallin Adjust for low light na Zoom kuwa haskaka hoton kawai yake yi. Duhu zai ragu, tsakin zai ƙara fitowa fili.

Inda masu cewa a sayi kyamara suke da gaskiya

Idan an yi gwajin ƙofa hoton ya yi haske amma har yanzu dishi-dishi yake, a nan kyamarar ta kai iyakarta. Tsofaffin laftof da yawa 720p suke ɗauka, wasu ma ƙasa da haka. Galibinsu kuma an ƙayyade musu nisa ɗaya ne, ba sa iya mayar da hankali kan abin da aka matso da shi. Mai son nuna ɗinkin takalmi ko rubutun lamba a ƙasansa zai ga komai ya narke. Irin wannan yana buƙatar kyamara mai daidaita nisa da kanta, kamar Logitech C920 mai 1080p. Ita kuwa C270, duk da farin jininta, 720p ce mai nisa ɗaya, don haka ba za ta magance wannan ba.

Ko a nan ma, kafin a je kasuwa a duba aljihu. Kyamarar baya ta yawancin wayoyin yanzu ta fi ta laftof girman sansa, kuma tana daidaita nisa. Manhajoji irin su DroidCam da Iriun suna mayar da waya kyamarar kwamfuta ta kebul ko Wi-Fi. A jingine wayar daidai tsayin ido, a sa ta a caji, domin aikin yana cin batir yana kuma sa ta zafi.

Abin da bai kamata ya ruɗi kowa ba shi ne 4K da yawan megafiksel a kwalin kyamarori marasa suna. Idan sansa ƙarami ne, raba shi gida miliyan takwas ba ya ƙara hasken da ya shiga. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a goge gilashi, a juya tebur, a matso da fitila, a gwada waya. Wanda ya bi waɗannan huɗu hoton bai gyaru ba, shi ne ya cancanci ya tambayi farashin kyamara, kuma ko ya saya, a gaban fitilar nan zai ɗora ta.