Raddi ga masu cewa kotu ta yi shisshigi a dokar masarautun Kano

Akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a rubuce-rubucen ɗaliban shari'a a nan Kano, har ta fara zama kamar karatun da aka haddace. Cewa suke yi wai hukuncin da Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke ranar 21 ga Nuwamba 2019, wanda ya soke dokar ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, keta haddin majalisa ne. Hujjarsu uku ce: raba iko na nufin kowane ɓangare na gwamnati ya tsaya a gonarsa, alƙali ba zaɓaɓɓe ba ne, kuma hukuncin bai tsinana komai ba tunda majalisa ta sake yin dokar. Mu mutanen Kura da Bunkure abin ya shafe mu kai tsaye, domin dokar da Gwamna Ganduje ya sa wa hannu ranar 8 ga Mayu 2019 ita ce ta ɗauke ƙananan hukumominmu daga masarautar Kano ta kai su Rano. Saboda haka ba za mu bari a gina bahasi a kanmu da tubalin toka ba.

Hujjar farko ita ce gishirin maganarsu, kuma ita ce mafi rauni. Abin takaici, mai rubutun zai kawo sashe na 4 da na 5 da na 6 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, ya ce na 4 ya ba majalisa yin doka, na 5 ya ba ɓangaren zartarwa aiwatarwa, na 6 ya ba kotu yanke hukunci, sai ya rufe littafi kamar ya gama. Da ya daure ya karanta sashe na 4 ɗin har ƙarshe, da ya tarar da ƙaramin sashe na 8, wanda ya ce ikon yin doka na Majalisar Tarayya da na majalisun jihohi yana ƙarƙashin hurumin kotuna, ya kuma hana majalisa yin dokar da za ta toshe wa kotu wannan hurumi. Wato sashen da ya ba majalisa iko shi ne da kansa ya buɗe wa kotu ƙofa. Kafin nan ma sashe na 1(3) ya riga ya ce duk dokar da ta saɓa wa kundin ɓatacciya ce gwargwadon saɓawarta. To wa zai faɗi cewa ta saɓa? Majalisar da ta yi ta? Duk manomin da ke noman rani a Kura ya san cewa kowa da gonarsa, amma ranar da aka yi gardama kan iyaka ko kan ranar sakin ruwa, ba wanda zai yarda abokin gardamarsa ya zama mai raba gardama. A Amurka sai da Kotun Ƙoli ta ciro wannan iko ta hanyar fassara a shari'ar Marbury da Madison a 1803, domin kundinsu bai faɗe shi ƙarara ba. Namu a rubuce yake. Ɗalibin da ya cika shafi biyu da Montesquieu ya tsallake sashe na 4(8) bai karanta abin da yake sharhi a kansa ba.

Kuma ba a Kano aka fara ba. A 1981 Kotun Ƙoli ta soke dokar rabon arzikin ƙasa a shari'ar da Jihar Bendel ta shigar da Gwamnatin Tarayya, duk da cewa Shugaba Shehu Shagari ya riga ya sa mata hannu. Dalili shi ne majalisun biyu sun sami saɓani, aka miƙa batun ga kwamitin haɗin gwiwa na kuɗi, sannan aka kai abin da kwamitin ya tsayar wurin shugaban ƙasa ba tare da an mayar wa zauren kowace majalisa ta amince ba. Kotu ba ta ce kason da aka ba jihohi ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Hanyar da aka bi ta duba, ta ce kwamiti ba majalisa ba ne. A Disamban 2006 ma, a shari'ar Inakoju da Adeleke, Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe tsige Gwamna Ladoja na Oyo, saboda 'yan majalisar sun tsallake matakan da sashe na 188 ya gindaya, har suka yi zamansu a otal. Hukuncin Na'abba a wannan layi yake: ya tsaya ne kan yadda aka shigar da batun gaban majalisa, daga takardar koke da ta zo daga waje, bai ce a yi masarautu ko kada a yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa a kan hukuncin, amma masu sukar sun wuce ta. Sashe na 101 ya ba majalisar jiha ikon tsara yadda za ta gudanar da zamanta, kuma kotuna sun daɗe suna kaffa-kaffa da shiga harkokin cikin gida na majalisa. Mai son gina bahasi na gaske zai tambaya: abin da majalisar Kano ta karya, tanadin kundi ne kamar a shari'ar Bendel, ko ƙa'idar zamanta ce kawai da ita ta rubuta wa kanta? Idan na biyun ne, yana da abin faɗa, kuma sai an yi gumi kafin a amsa masa. Ga yadda ake jera magana: a kawo nassin sashen cikakke, a kawo hukuncin da ya fassara shi, a bayyana ainihin abin da ya faru a zauren, sannan a nuna inda wannan shari'a ta yi kama da ta baya da inda ta bambanta. Amma lura, wanda ya bi wannan hanya ya riga ya amince kotu tana da ikon dubawa. Gardamarsa ta koma kan iyakar ikon.

Kotu ma tana da iyaka, kuma kotu ce ke tsawata mata. Bayan majalisa ta soke masarautun ranar 23 ga Mayu 2024, Babbar Kotun Tarayya ta shiga rikicin, amma a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Babbar Kotun Tarayyar ba ta da hurumi a batun sarauta, abin da aka sani tun shari'ar Tukur da Gwamnatin Gongola ta 1989. Mai neman misalin alƙalin da ya wuce gona da iri, nan ya kamata ya duba.

Batun cewa ba a zaɓi alƙali ba bai cancanci dogon zance ba. Ƙuri'a ta ba ɗan majalisa kujera ne a ƙarƙashin kundin da ya yi rantsuwar karewa, ba ta ɗora shi a samansa ba.

Hujja ta uku kuwa kanta take sara. Majalisa ta karɓi sabon ƙuduri daga gwamna, aka sa masa hannu ranar 5 ga Disamba 2019, mako biyu bayan hukuncin. Da kotu ta ƙwace ikon majalisa, da hakan bai yiwu ba. Daga baya wata majalisar ta soke dokar, ta yi wata a Yulin 2024 wadda ta bar Bunkure a Rano, Kura kuma tana ƙarƙashin Kano. Malaman da ke duba waɗannan takardu, don Allah duk wadda ta yi zancen raba iko ba ta ambaci sashe na 4(8) ba, ku mayar wa mai ita ya sake rubutawa.