Fami Gaskiya Ne, Amma Kiron Bai San Inda Mikin Yake Ba

Tun kafin wayar hannu ta shigo Zango, wasu iyaye a Alabar kan kai sunan saurayi da na budurwa wurin malami ya yi hisabi, a ji ko taurarinsu sun haɗu. Ya lissafa adadin haruffan sunayen bisa abajada, ya raba, ya dubi abin da ya saura. Neman sanin gaibu ta hanyar lissafi ba baƙo ba ne a Kumasi: takardun Larabci da Musulmin birnin suka rubuta a farkon ƙarni na 19, waɗanda yanzu ke ajiye a Kofanhegan, cike suke da hatimai da laƙani. Abin da ya sauya a yau shi ne, budurwar da kanta ke saka ranar haihuwarta da ta saurayin a manhaja, allo ya nuna mata wani suna, Chiron, ya ce mata wannan mutum zai taɓa tsohon ciwon da ke zuciyarta, kuma shi ne zai warkar da shi. Ra'ayina shi ne rabin maganar gaskiya ne, amma gaskiyar ba daga sama ta fito ba, ɗaya rabin kuwa yana iya jawo wa mutum asara.

Kiron wani dunƙule ne na ƙanƙara da dutse, faɗinsa kimanin kilomita 200, yana kewaya rana tsakanin falakin Zuhal da na Yuranus, yana kammala zagaye ɗaya cikin shekara hamsin da 'yan watanni. Charles Kowal ne ya gano shi a watan Nuwamban 1977, a hotunan da aka ɗauka a Falomar ta Kalifoniya. Ido ba ya ganinsa, don haka Abu Ma'ashar, wanda malaman hisabi ke jingina aikinsu gare shi, bai taɓa sanin da zamansa ba. An raɗa masa sunan wani halitta na tatsuniyar Girkawa, rabinsa mutum rabinsa doki, gwanin magani da kibiya mai dafi ta same shi, ya warkar da wasu ya kasa warkar da kansa. Daga wannan tatsuniya masu duban taurari na Turai da Amurka suka ciro ma'anar "mai magani mai rauni", littafin Melanie Reinhart na 1989 ya ƙara yaɗa ta. A lura da jerin abubuwan: suna aka fara sa wa, ma'ana ta biyo sunan. Ba a tara ma'aurata aka bi rayuwarsu aka ga alamar ba. Da an sa masa sunan sarkin fawa, da wani labarin ake karanta mana.

Yadda ake aikin ba wuya. Ana ɗaukar sama a matsayin da'ira mai daraja 360, buruji 12, kowanne daraja 30. A fitar da inda Kiron yake ranar da aka haifi mutum na farko, a fitar da inda Rana, Wata, Uɗaridu, Zahra da Mirriku suke ranar da aka haifi na biyu, sai a auna tazarar da ke tsakani. Idan ta zo daidai da daraja 0, 60, 90, 120 ko 180, an ce an samu haɗuwa. Da yake da wuya lissafi ya faɗa daidai cif, ana yafe 'yan darajoji gaba da baya, galibi uku zuwa biyar.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce yarinya an haife ta a 1996, lokacin da Kiron ke burujin Mizani, a daraja ta 10. Saurayinta an rubuta masa 1 ga Janairu, ranar da Rana ke daraja ta 10 a burujin Jadyu. Tazara daraja 90 ke nan, wadda suke kira haɗuwa mai zafi. Fassarar da za ta karanta ita ce kasancewarsa kawai tana tono mata jin cewa ba a taɓa zaɓenta ba. Idan yarinyar ta tashi a riƙo, ko a gidan da uwarta ce bora, za ta ji kamar an leƙa cikin zuciyarta.

To amma mu ƙirga. Rana tana tafiyar kusan daraja ɗaya kowace kwana. Wuraren da ke ba da haɗuwa da wannan daraja ta Mizani guda takwas ne a da'irar: ɗaya a kanta, ɗaya a kishiyarta, sai bibbiyu na 60 da 90 da 120. Idan an yafe daraja uku gaba da baya, kowane wuri ya ci daraja shida, jimilla 48. Ma'ana duk namijin da aka haifa cikin kusan kwana 48 na kowace shekara, tsoho ko jariri, a Alabar ko a Tokiyo, Ranarsa tana taɓa Kiron ɗinta. Wannan Rana ce kaɗai. A ƙara sauran taurari huɗu, sannan a juya a duba Kiron ɗinsa da taurarinta biyar, an jefa ƙuri'a sau goma ke nan. Lissafin ya nuna kusan uku cikin kowane huɗu na mutum biyun da aka haɗa da ka za su samu haɗuwa aƙalla ɗaya. In an yafe daraja biyar, sun kai tara cikin goma. A tare kowane mai tura baro a Kejetiya a haɗa shi da wannan yarinya, mafi yawansu allo zai ce su ne makullin ciwonta. Alamar da ke kan kusan kowa ba ta bambanta kowa.

Akwai kuma abu biyu da suka shafe mu musamman. Kiron yana tafiya a hankali, yakan yi kusan shekara takwas a burujin Hamal, don haka duk waɗanda aka haifa a mako ɗaya kusan wuri ɗaya yake musu: 'yar gata da marainiya, allo ɗaya. Sannan mutane da yawa a zangunanmu ranar haihuwar da ke kan katinsu ƙiyasi ce, kuma 1 ga Janairu na daga ranakun da aka fi cike gurbi da su. In saurayin misalinmu na cikinsu, an gina dukan hukuncin a kan ranar da magatakarda ya zaɓa. Ban da haka, a 2007 David Voas na Jami'ar Mancesta ya binciki aure kusan miliyan goma daga ƙidayar Ingila da Wels ta 2001, bai ga alamar cewa burujin Rana na jan wani zuwa ga wani ba. Kiron ba ya cikin abin da ya auna, amma wanda ya ce ƙaramin dunƙule ya yi abin da Rana ta kasa, shi ne da kawo hujja. Malaman addini kuma tun da can sun raba ilimin taurari biyu: na sanin lokaci da alƙibla da damina, wanda suka yarda da shi, da na jingina ƙaddarar mutum ga tauraro, wanda suka yi hani da shi.

Me ya sa to fassarar ke kama zuciya? Domin abin da take siffantawa yana faruwa, kuma Hausa tana da kalmarsa tun kafin 1977: fami. Ciwo ya fara warkewa, wani abu ƙarami ya goge shi, zafin ya dawo fiye da na ranar farko. Ba wanda ya fi abokin zama damar yi maka fami, domin shi ne ya fi kowa kusa. Matar da ubanta ya tafi fatauci tana ƙarama bai dawo ba, idan miji ya yi jinkirin ɗaukar waya awa biyu, ba awa biyu take ji ba, shekara ashirin take ji. Namijin da aka saba kunyata shi a tsakar gidan haya gaban yaran maƙwabta, idan matarsa ta gyara masa magana cikin mutane, fushinsa zai fi ƙarfin laifin. Masana halayyar ɗan Adam, tun daga John Bowlby, sun yi bayanin yadda shaƙuwar ƙuruciya ke bin mutum har cikin aure. Ba a buƙatar ranar haihuwa a gano wannan. Ana buƙatar tarihin mutum, kuma tarihin yana bakinsa, yana bakin gwaggonsa.

Haɗarin yana cikin rabi na biyu na maganar, wato cewa wanda ya taɓa ciwon shi aka aiko ya warkar da shi. Wannan jumla tana mayar da zafi shaidar dacewa: gwargwadon yadda ya sa ki kuka, gwargwadon yadda aka ƙaddara ku. Mace da ake wulaƙantawa, wadda dangi sun riga sun cika mata kunne da "ki yi haƙuri", yanzu ta samu wayarta ma tana faɗa mata haka da sabon harshe. Shi kuma mai cutarwar ya samu mafaka: ba ni ba ne, tsohon mikinki ne.

Saboda haka wajibi ne a iya raba fami da sabon rauni, kuma ana iya rabawa. Na farko, a dubi girman abin da aka yi. Idan aka ba wa mutumin kirki da ba ruwansa labarin, zai ce ƙaramin abu ne, ko zai girgiza kai? Mantuwa da alkawarin kira ƙarami ne. Mari, ƙwace jarin sana'a, hana zuwa gidan iyaye, zagin uwa, waɗannan raunuka ne ko da mutum bai taɓa jin ciwo ba a duniya. Na biyu, a dubi abin da ya biyo bayan an faɗa masa. Wanda ya yi fami bisa rashin sani, in aka ce masa "Malam, nan wurin yana mini ciwo, ga dalili", yakan kiyaye, ko da zai sake kuskure. Wanda ya ji sirrin ya adana shi, ya zaro shi ranar faɗa, wannan ya san inda mikin yake kuma da gangan yake takawa. Na uku, a dubi shekara guda a dunƙule: tsoron yana raguwa ko ƙaruwa yake? Zama mai warkarwa yana sa mutum ya rage sauraren takun ƙafa a ƙofa.

Idan amsoshin sun nuna fami ne, maganinsa magana ce a lokacin sanyi, da wani babba mai riƙon amana in ta ƙi ci, ko mai ba da shawara da ya koyi aikin. Idan sun nuna sabon rauni ne, ba darasi ba ne daga sama. Gana tana da dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, 'yan sanda suna da sashe na musamman domin ta, kuma shari'ar Musulunci ta ba matar da ake cutarwa hanyar neman rabuwa.

Wanda yake son ya san inda abokin zamansa ke da tabo, ya ajiye ranar haihuwar, ya tambaye shi wa ya riƙe shi yana yaro, wa ya tafi ya bar shi, da wace kalma aka fi zaginsa. Amsar za ta ɗauki dare fiye da ɗaya, kuma ta mutum ɗaya ce tak, ba ta duk waɗanda aka haifa a makonsa ba.